Silinda na komawa kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa

Assalamu alaikum, ina neman taimakon masana. Ina da injin ɗauka da ajiyewa wanda silindansa na sauka yake aiki da iska mai matsin bar 6, ta hanyar bawul 5/2 mai koyil biyu na bolt 24.

Matsalar ita ce, wani lokaci hannun yana komawa sama tun bai taɓa kayan ba, domin PLC yana ganin siginar na'urar maganaɗisu ta ƙasa na ɗan ƙiftawa, musamman idan koyil ɗin maƙamar ya kunna. Na matsar da na'urar, na kuma rage gudun silindan, amma abin bai daina ba.

Shin kusancin wayar sigina da wayar koyil ne sanadi, ko kuwa in sa jinkiri a shigarwar PLC?