Shafukan Ajiya a Ƙarshen Jawabi: Abin da Aka Tattara

A wata tattaunawa da aka yi kan shafukan ajiya, wato shafukan nuni da mai jawabi ke ajiyewa a ƙarshe don amsa tambayoyin masu sauraro, masu tattaunawar sun yarda cewa shafin ajiya tambaya ɗaya yake amsawa, kuma tambayar ce za ta zama takensa. Idan jawabin minti 20 ne mai shafi 12, a zauna a rubuta tambayoyi biyar ko shida da aka fi zaton za a yi, misali yadda aka lissafa kuɗin aikin, sai a yi wa kowacce shafinta bayan shafin rufewa.

An fi daɗewa kan yadda za a kai gare su. A PowerPoint, ana cikin nuni, idan ka buga lambar shafi ka danna Enter, kai tsaye zai buɗe, ko da an ɓoye shi da Hide Slide. Don haka a rubuta lambobin a 'yar takarda, a ajiye kusa. Wanda ya tsaya yana wuce shafuka ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, hankalinsu ya riga ya watse.

Matsalar da aka fi ambata ita ce a gyara alƙaluman babban jawabi a manta da na ajiya, sai su saɓa wa juna. Kuma kafin a tura wa wani fayil ɗin, a tuna ɓoyayyun shafukan suna ciki.