Na ƙirga huɗu a CO2, sifektir ya ba ni biyu

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a labo na yi lissafin CO2, 3N−5 ya ba ni motsi huɗu, amma a infiraruj pik biyu kawai na gani, 2349 da 667 cm⁻¹. Wallahi har na ce injin ne ya gaji da zahin Yamai. Wa ya taɓa faɗawa cikin wanga abu?

Hajiyar Yantala:
Ni ce nan, shi ya ci min maki a egzame. Injinka lahiya lau ƙanena, 2349 ɗin motsi ɗaya ne, O ɗaya na miƙewa ɗayan na matsowa. 667 ɗin motsi biyu ne, lanƙwasa sama-ƙasa da gaba-baya, ƙarfinsu ɗaya sai suka hau kan juna. Na huɗun shi ne wanda O biyu ke miƙewa tare su dawo tare, wannan ya ja hagu wancan ya ja dama daidai wa daida, dipol bai canza ba, to infiraruj mi zai gani? Raman, wato awon hasken da molekil ke watsawa, ke kama shi, don gajimaren elektoron ɗin na kumbura yana motsewa.

Ɗan Ader:
To kenan duk wanda bai hito a infiraruj ba shina Raman?

Tsohon labo:
A'a yaro, nan ne ake zamewa. Molekil mai cibiyar juyi, wato i, irin CO2, ƙa'idar cewa ta yi motsi ɗaya ba ya hitowa a duka biyun, u, wato motsin da alamarsa ke juyewa in an bi ta i, na iya zama infiraruj, g, wanda alamarsa ba ta juyewa, na iya zama Raman. Ba ta ce dole ya hito a ɗaya ba. SF6 na da motsin T2u, shiru kake ji ko ina. Ni abin da nake sa ɗalibai su yi, su ɗora yatsa kan layin motsin a tablo na karakter su bi shi har dama, in sun ga x, y ko z infiraruj ne, in sun ga irin x², xy, yz Raman ne. Ruwa C2v ne, ba shi da i, motsinsa ukku 2A1 da B2 duka suna da biyun.

Mai shayi:
Nima 2349 ɗin nan kullum sai na gan shi, har a man gyaɗa fa 😅

Hajiyar Yantala:
Kai naka numfashinka ne cikin ɗaki, sake ɗaukar bulan kafin ka sa eshantiyo.

Ɗan Ader:
Na duba Raman ɗin a littafi yanzu, pik biyu ne kuma, 1285 da 1388, ba ɗaya ba. Simetiri ta yi ƙarya?

Tsohon labo:
Ba ta yi ba. Ninka 667 sau biyu, 1334, ya faɗo dab da miƙewar O biyu tare, kuma akwai mai simetiri iri ɗaya da ita cikinsa, sai su gauraya su ture juna. Rezonans na Fermi kenan.

Mai shayi:
To Malam CH4 fa, ba shi da i, amma an ce A1 ɗinsa Raman kaɗai. Ni ca nike rashin i na nuhin duka biyun ne. Bari kuran ya dawo in buɗe tablo na Td.