Na cika shafi uku a kan mulkin Lugard, aka ba ni maki huɗu

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun farkon zango na koma gidan kawuna domin a can ake samun wuta da dare, ga shi ni ke tsare masa shago da yamma. A jarrabawar gwaji ta tarihi an ce mu yi "assess" na mulkin Turawa ta hannun sarakuna a Arewacin Nijeriya. Na rubuta komai, tun daga zaman Lugard babban kwamishina a 1900, da cin Kano da Sakkwato a 1903, har haɗe Arewa da Kudu a 1914, amma aka ba ni huɗu cikin goma sha biyar. Mene ne bambancin wannan kalma da "explain" da "evaluate"?

Tsohon malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Yaro, labari ka bayar, alhali awo aka nema. Idan aka ce "explain", dalili ake so, wato me ya sa abu ya faru kuma ta yaya. Bai isa ka ce Turawa suna da ƙarancin ma'aikata ka yi shiru ba, sai ka ƙarasa da cewa saboda haka ne suka bar wa sarakuna da hakimai da dagatai karɓar haraji da jangali, tunda sun tarar da tsarin yana aiki tun zamanin Daular Usmaniyya. Shi kuwa "assess" yana so ka fara faɗin abin da tsarin ya nufa, wato mulki mai araha ba tare da tarzoma ba, sannan ka auna ko an kai ga hakan. A masarautu irin su Kano da Katsina an kai, domin baitulmali ya riƙa biyan albashin ma'aikatan En'e, kotunan alkalai kuma suka ci gaba da shari'a. Amma a ƙasar Tibi, inda babu sarki guda da kowa ke bi, tsarin ya yi ta tangal-tangal, sannan ko a masarautun ma sarki ya koma duban fuskar Razdan, wanda ke iya sa a tuɓe shi. Daga nan sai ka yanke hukunci a fili: ya yi wa Turawa amfani sosai, amma nasararsa ba ta game Arewa duka ba. Ka duba takardarka, idan kowane sakin layi ya fara da "daga nan sai", babu "saboda" babu "amma", to ba ka auna komai ba.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma babu shekara ko ɗaya da na kuskure, kuma abin da ke littafinmu ne na rubuta. Ai bai kamata gaskiya ta tashi a maki huɗu ba.

Ɗalibar jami'a: Ƙanena, kada ka wahalar da kanka. "Assess" da "evaluate" duk abu ɗaya ne, ka kawo amfani biyar da illa biyar, kowanne da bayanin layi biyu. Masu duba takarda hujjoji suke ƙirgawa, kuma da haka na ci tawa. Ka ƙara da boren matan Aba na 1929, yana burge su.

Tsohon malamin tarihi: 'Yata, rabin maganarki daidai ne, domin hujjar da aka ambata ba bayani makinta kaɗan ne, kuma kalmomin biyu makusanta ne. Sai dai jera amfani da illa ba tare da cewa wanne ya rinjaya ba kamar alkali ne ya saurari shaidu ya tashi. A "evaluate" ma hukuncin ya fi nauyi: idan a darasin zama ɗan ƙasa aka ce a yi shi a kan rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotuna a tsarin mulkin 1999, dole ɗalibi ya ce ko rabon yana hana danniya a aikace, kuma da wane ma'auni ya gane hakan. Batun Aba kuwa na Gabas ne, tambayar kuma Arewa ta ce.

Wani uba: Ni abin da ke ci mini rai shi ne, 'yata ta shekara uku a makarantar kuɗi ba wanda ya taɓa koya musu waɗannan kalmomi, sai dai a ba su rubutu su kwafa, ga kuɗin darasin yamma da ake karɓa kowane wata.

Ɗalibar jami'a: Malam, ra'ayin ɗalibi yana da haɗari, domin mai dubawa zai iya saɓa masa.

Tsohon malamin tarihi: Ba a kan ra'ayin ake ba da maki ba, a kan hujjar da ta ɗauke shi ne.

Mai tambaya: To ni dai ina ganin malaminmu ne bai karanta shafi na uku ba, domin a can na ce tsarin yana da kyau. Gobe zan mayar masa da takardar ya sake dubawa.