Cinikin Talata ya canza sau biyu a mako guda: yaya kuke yi da naku?

Mai riƙe lissafin hatsi, Maradi: Assalamu alaikum. Muna da dakunan ajiya huɗu, a Maradi, Tasawa, Dakoro da Madarumfa. Yaran shago suna cika fom a waya da manhajar KoboCollect, allon rahotonmu kuma yana sabunta kansa kullum da ƙarfe 6 na safe, yana ɗauko cinikin jiya kaɗai ya ɗora a kan na baya. Ranar Laraba allo ya nuna buhu 412 na gero a cinikin Talata, na kai wa Alhaji mai dukiyar haka. Ranar Juma'a yaron Dakoro ya samu rezo, fom ɗinsa na Talata suka shigo, buhu 96. Allo bai gan su ba, don shi jiya kawai yake dubawa. Asabar kuma aka gano na Tasawa ya rubuta 150 a maimakon 105, aka gyara a tushe, wato inda fom ɗin suke taruwa, allo yana nan a 412. Gaskiyar lamari 463 ne. Alhaji ya riƙe takarda a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ya tambaye ni wanne zai yarda da shi. Kunya ta kama ni ƙwarai. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Na Gidan Rumji: Wa'alaikumus salam. Malam, mun sha wannan. Mu abin da muka yi, muka daina duba ranar da yaro ya rubuta, muka koma kan `_submission_time`, wato lokacin da fom ya iso. Duk abin da ya iso jiya ana ɗauka, ko na wace rana ne. Tun daga nan babu buhun da ya ɓace mana.

Hajiya mai ƙididdiga: Ƙanena na Gidan Rumji, dabarar ta kamo buhunan, amma ina ka ajiye su? In allonka yana tara jimla a kan ranar isowa, buhu 96 na Talata sun zama cinikin Juma'a. Talata ta rame, Juma'a ta kumbura, mai dukiya ya ɗauka kasuwa ce ta motsa, alhali rezo ne ya dawo. Ranar isowa amfaninta ka san me za ka ɗauko. Ranar ciniki ita ke faɗa maka inda za ka zuba shi. Ka riƙe su biyun, kowace a gurbinta.

Kuma dabarar ba ta kama gyaran Tasawa ba sam. Fom ɗin da aka gyara ba sabon isowa ba ne, tsohon layi ne aka taɓa cikinsa, don haka mai duban lokacin isowa zai wuce shi.

Ni abin da nake yi ba shi da wuya. Kowace safiya ina share kwanaki 14 na baya daga teburin allo, in sake ɗauko su ɗungum daga tushe:

```sql
BEGIN;
DELETE FROM ciniki WHERE ranar_ciniki >= CURRENT_DATE - 14;
INSERT INTO ciniki
  SELECT * FROM tushe WHERE ranar_ciniki >= CURRENT_DATE - 14;
COMMIT;
```

Wannan yana kama abu uku a lokaci ɗaya: wanda ya makara, wanda aka gyara, da wanda aka goge a tushe saboda an tura shi sau biyu. `BEGIN` da `COMMIT` ba ado ba ne. In aiki ya katse bayan sharewa kafin zubawa, su ne ke mayar da teburi yadda yake, kada a wayi gari allo babu mako biyu.

Mai riƙe lissafin hatsi: Na gode Hajiya. Amma me ya sa 14? Ba 7 ba, ba 30 ba?

Hajiya mai ƙididdiga: Auna shi na yi. Na ɗauki fom na wata uku, a kowane layi na cire ranar ciniki daga ranar isowa, na ga kwana nawa ne tsakani. A wurinmu mafi yawa suna isowa cikin kwana biyu. Na ƙauyuka masu nisa sukan kai mako, sai mai wayar ya shigo gari. Mafi daɗewa da na gani kwana 11 ne, sai na ƙara uku. Naka zai bambanta, kuma ka duba kowane ɗakin ajiya daban, don Maradi gari za ta rufe maka matsalar Dakoro in ka haɗa su. Ka sake aunawa da damina, lokacin ne jinkiri ya fi tsawo a wurinmu.

Abin da ya wuce kwana 14 kuwa wannan tagar ba ta ganinsa. Shi ya sa kowane daren Lahadi nake sake loda komai daga farko, in kwatanta jimlar kowane wata da ta tushe. Bayananmu ba su da yawa, ƴan mintoci ne.

Mai shagon magani: Ni ma allona yana makara. In aka ɗauke wuta da asuba ordinata ta mutu, sai alƙaluman shekaranjiya su kwana a kai. Batir na saya, magana ta ƙare.

Na Gidan Rumji: Yaya, taka daban ce, naka allon ne bai tashi ba. Nasa ya tashi lafiya, bayanan ne ba su iso ba. Amma ka tuna mini abu: mun rubuta lokacin sabuntawa na ƙarshe a saman allo, ya rage mana gardama sosai.

Malamar kiwon lafiya, Mayahi: Ni da rahoton cibiyoyin lafiya nake aiki, kuma abin da ya fi ba ni tsoro layin ƴan kwanakin ƙarshe ne. Kullum yana gangarowa ƙasa, sai wanda bai sani ba ya ce zazzaɓin cizon sauro ya ragu, alhali rabin cibiyoyi ba su aiko ba tukuna. Sau ɗaya har an kusa rage mana magani a kan haka, na kwana ban yi barci ba. Tun daga ranar, kusa da kowane adadi muna rubuta cibiya nawa suka aiko cikin nawa, misali 9 cikin 14. Kwanakin da ba su cika ba muna shafa musu launin toka da rubutu "bai kammala ba". Malam, da allonka ya ce ɗaki 3 cikin 4 ranar Laraba, da Alhaji bai riƙe 412 a matsayin magana ta ƙarshe ba.

Hajiya mai ƙididdiga: Haka ne Malama. In ƙara ɗaya a kai. Sharewa da sake zubawa tana goge tarihi: gobe allo zai ce 463 kamar tun farko haka yake, ba ka da shaidar cewa Laraba 412 ya nuna. Don haka kowace safiya ina ajiye jimlar kowace rana a wani ƙaramin teburi mai gurbi uku, ranar ciniki, ranar da aka duba, da adadi. Talata za ta fito da adadi uku: Laraba 412, Asabar 508, Lahadi 463. In an tambaye ka sai ka nuna hanyar da adadin ya bi.

Tsohon akanta, Tibiri: Ƴata, duk na yarda, ban da lodin daren Lahadi. Watan da aka rufe, aka biya yara ladarsu a kansa, ba a komawa a taɓa shi. In gyaran Yuli ya zo a Satumba, a rubuta shi a Satumba a matsayin gyara, da dalilinsa. Shekara talatin haka na yi.

Hajiya mai ƙididdiga: Baba, a littafin kuɗi maganarka ce daidai. Amma mai son sanin gero nawa ya fita a Yuli don ya shirya sayen baɗi, adadin gaskiya yake buƙata, a watan da abin ya faru.

Tsohon akanta: To sai a yi allo biyu ke nan, kuma Alhaji zai sake tambayar wanne ne nasa.

Mai riƙe lissafin hatsi: Allah ya saka da alheri. Na auna namu yau: Dakoro ta taɓa kai kwana 9, sauran ba su wuce 3 ba. Zan fara da kwana 14 da rubutun ɗaki nawa suka aiko. Maganar watan da aka rufe kuma sai na zauna da Alhaji, don ladar yaron Tasawa ta watan jiya a kan wani adadi aka biya, kuma yanzu na ga an gyara shi a tushe.