Waken soya ya tsira 19 cikin 20 a tsumma, amma a gona rabi ya fito

Auwal: Salamu alaikum. Sabon shiga ne ni a harkar iri, ina neman shawarar manya. Na sayi irin waken soya, takardar jikin buhu ta ce tsabta kashi 98, tsiro kashi 85 cikin ɗari. Kafin shuka na naɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, kwana uku 19 suka fito da saiwa. Da na shuka, abin da ya fito bai fi rabi ba. Gwajin nawa ne ba daidai ba, ko takardar ce ƙarya? Akwai sauran buhu biyu, na rasa yadda zan yi da su.

Malam Isiyaku: Wa'alaikumus salam. Tun farko da ka zuba shi a ruwa. Wanda ya taso sama fanko ne, ka kwashe, wanda ya nutse ka shuka. Haka nake wa shinkafa kuma ban taɓa jin kunya ba.

Hajiya Rabi: Malam Isiyaku, a shinkafa dabararka tana raba cikakkiyar ƙwaya da fanko, amma nauyi kawai take aunawa. Ƙwayar da ta mutu ma nutsewa take yi. Waken soya kuwa ba a tsoma shi a ruwa: busasshiyar ƙwaya idan ta kwankwaɗi ruwa da sauri, cikinta tsattsagewa yake yi, sai ka ƙara wa irin rauni.

Auwal ƙanena, aikina ke nan a ɗakin gwajin iri, kuma abu biyu na gani a gwajinka. Ƙwaya 20 ta yi kaɗan, kowace ɗaya tana ɗauke da kashi 5 cikin ɗari, biyu su sauya sai sakamakon ya tashi daga 95 zuwa 85. Ƙa'idar ISTA, ƙungiyar gwajin iri ta duniya da aka kafa a 1924, ƙwaya 400 ce, a raba ta gida huɗu, ɗari ɗari.

Na biyun ya fi wancan girma. Kai saiwa ka ƙirga, mu kuwa tsiro muke ƙirgawa. Ƙwaya ta fasa ta turo farin kan saiwa, wannan bai sa ta shiga lissafi ba. Sai mun jira mun ga tana da duk abin da za ta rayu da shi: doguwar saiwa mai lafiya, kara wanda bai tsage ba bai murɗe ba, ɓarin waken nan biyu aƙalla rabinsu lafiya lau, da ɗan toho a tsakaninsu. Wanda saiwarsa ta dungule, ko karansa ya ruɓe, ko tohon tsakiya babu, naƙasasshe ne, gefe muke ajiye shi. A kwana na uku duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa waken soya ake masa ƙirga biyu, ta farko a kwana na 5, ta ƙarshe a kwana na 8, a zafin digiri 25.

Ka sake gwajin da buhunan da suka rage. Ɗebi daga sama da tsakiya da ƙasan kowane buhu, ka gauraya, ka raba biyu, ka sake raba rabin biyu, har ya ragu. Ka ƙirga 400 yadda hannunka ya faɗa, kada ka zaɓi masu kyau. Yashi mai tsabta ya fi tsumma ga babbar ƙwaya irin wannan. Ka jiƙa shi yadda in ka dunƙula zai kama amma ruwa ba zai ɗiga ba, ka jera ƙwayoyin kada su taɓa juna, ka rufe da yashi kamar santimita ɗaya zuwa biyu. Ka dawo mana da adadin kowane gida daban.

Bashir: Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne 98 ɗin nan. In har irin tsantsa ne kashi 98, ba gauraye ba, ai bai kamata ya ƙi fitowa ba. Ina ga an yi masa algus da wani nau'in.

Hajiya Rabi: Bashir, akwai tsabtar nau'i, wannan gaskiya ne, amma ita a gona ake tabbatar da ita, ta duba tsirrai suna girma. Wadda aka fi rubutawa kusa da adadin tsiro ta awo ce. Ana zuba samfuri a kan tebur, gram 500 ga waken soya, a raba shi uku: ainihin irin, irin wasu tsirrai, da tarkace kamar tsakuwa da ƙasa da ɓawo. Sai a auna nauyin kowanne. Ba ruwan wannan gwajin da rai. Ƙwayar da ta yamutse, ko ta karye amma abin da ya rage ya fi rabi kuma da fatarsa, cikin tsabtataccen iri ake sa ta. Buhu zai iya samun 98 alhali duk abin da ke ciki matacce ne.

Garba: Ku gafarce ni, amma ni ban ga laifin iri ba tukuna. Hajiya tana maganar tebur, ni ina maganar ƙasa. Waken soya ba kamar masara yake fitowa ba. Masara tsinin nan take turowa ta huda ƙasa. Shi kuwa wake lanƙwasa wuya yake yi ya jawo ɓarinsa biyu zuwa sama. In aka yi ruwa mai ƙarfi bayan shuka, rana ta buga, saman ƙasa ya yi ɓawo, wuyan karyewa yake yi a ƙasa. Ya faru da ni da irin da maƙwabcina ya shuka daga buhu ɗaya, nasa ya fito sumul saboda ya riga ruwan da kwanaki. Auwal, zurfin nawa ka shuka? In ya wuce santimita 5 ka wahalar da shi. Je ka tona inda bai fito ba. In ka tarar da wuya ya kumbura ya karye a ƙarƙashin ɓawo, ƙasa ce. In ka tarar da ƙwaya ta yi laushi ta ruɓe ba ta ko motsa ba, to a koma kan iri. In babu komai a ramin, ka tambayi tsuntsaye da ɓeraye.

Auwal: Na gode ƙwarai. Hajiya, na yi yadda kika ce. Masu lafiya a kwana na 8: 84, 79, 86, 83. Naƙasassu a gidaje huɗun 36, matattu 32, yawancinsu sun yi fumfuna. A kwana na 5 kuwa masu lafiya 208 kacal na samu cikin 400. Malam Garba, na tona, na ga duka biyun: wasu sun ruɓe, wasu wuyan ya karye. Zurfin kamar santimita 4 ne.

Hajiya Rabi: Madalla, yanzu muna da abin dubawa. Jimlar masu lafiya 332, a raba huɗu, kashi 83. Naƙasassu kashi 9, matattu kashi 8. Kafin a yarda da sakamako ana duba tazarar gida mafi yawa da mafi ƙaranci: 86 a cire 79, saura 7. A matsakaicin 83 jadawalin ISTA ya yarda da tazara har 15, saboda haka gwajinka ya zauna. Da ta wuce haka, da sai a ce wani gida ya bushe ko ya sha ruwa da yawa, a sake.

To ka ga 83 da 85 ba su da nisa, takardar ba ta yi maka ƙarya ba. Ka lura kuma, in ka haɗa 83 da naƙasassu 9 ka samu 92, kusan abin da tsummanka ya nuna ke nan.

Adadin da ya fi damuna shi ne na kwana na 5. 208 cikin 400 kashi 52 ne. Iri mai kuzari, mafi yawansa ya gama miƙewa a ƙirgar farko. Naka kusan kashi 31 sai da suka ja jiki har kwana na 8. Gwajin tsiro gata ake yi wa iri: danshi daidai, zafi daidai, yashi mai laushi, babu cuta. Abin da yake faɗa maka shi ne iyakar abin da irin zai iya yi in komai ya yi masa daɗi. Kuzari kuwa shi ne abin da zai yi in ƙasa ta matsa masa. Kuma iri in ya fara tsufa, kuzari ne ke fara zubewa, adadin tsiro sai daga baya yake faɗuwa. Waken soya na cikin masu saurin tsufa, saboda mai da ke cikinsa da kuma siririyar fatarsa da ke tsagewa wajen sussuka ko in ana jefa buhu. Zafi da laima a wurin ajiya su ƙarasa shi. Duba ranar gwaji a takardar, don 85 ɗin na ranar ne.

Ƙirgar farko alama ce kawai. Ainihin gwajin kuzari na waken soya tsufar da shi ake yi da gangan: a ɗora gram 42 a kan raga cikin rufaffen akwati mai ruwa mililita 40 a ƙasa, ba tare da irin ya taɓa ruwan ba, a ajiye a digiri 41 na awa 72, sannan a yi masa gwajin tsiro. Mai kuzari zai sauka kaɗan, mai rauni zai rushe. Ba na ba ka shawarar yin sa a gida, domin ko rabin digiri ya kauce sakamakon ya canza. Ka kai samfuri ɗakin gwaji.

Garba: Na yarda da lissafin, amma wuyan da ya karye fa? Wannan ba tsufa ba ne, Hajiya.

Hajiya Rabi: Ba na musun ɓawon ƙasa, Malam Garba. Sai dai tsiron da ya makara shi ɓawo ke riska, mai sauri ya riga ya fice. Wanne ya fi laifi a gonar Auwal, daga nan ba zan iya yanke hukunci ba.

Bashir: To ba sai ya ƙara yawan irin ba? Na ga ana lissafin tsabta sau tsiro: 98 × 83 ÷ 100, ya ba da 81 da 'yan kai. Ya raba abin da ya saba shukawa da 0.81, shi ke nan.

Hajiya Rabi: Lissafinka daidai ne, kuma da shi ake gyara yawan iri. Amma yana ɗauka cewa duk 83 ɗin za su fito a gona, abin da muka ga bai faru ba. Ƙarin iri yana cike gurbin matattu, ba ya hana tsirrai fitowa a rarrabe, manya su danne ƙanana.

Garba: Auwal, ga abin da zai raba gardamar ba tare da na'ura ba. Samo ƙwaya 100 na sabon iri da ka amince da shi, da 100 daga buhunka. Ka shuka su layi biyu kusa da juna a cikin gonar nan, rana ɗaya, zurfi ɗaya. In duka biyun suka gaza, ƙasarka ce. In sabon ya fito naka ya tsaya, kada ka shuka buhunan nan.

Auwal: Zan yi hakan, in sha Allahu, kuma zan kai samfurin gwaji. Hajiya, kafin sakamako ya fito, a ina ya fi dacewa in ajiye buhunan?

Hajiya Rabi: Wuri mai sanyi, busasshe, a kan katako ba a ƙasa ba, kada su jingina da bango. Kada a jefa su wajen ɗagawa. Samfurin da za ka kai ya kai kilo ɗaya, ka ɗebe shi daga buhunan biyu kamar yadda ka yi na farko, ka rubuta musu lambar rukunin da ke jikin takardar.