Neman shawara: kwalin sabuluna yana ɓallewa ta wajen gam

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Sabulun man kaɗanya nake yi a gida, na kuma ba ƙanen maigidana aikin zanen kwali saboda ya iya CorelDRAW kuma ba ya karɓar kuɗina, shi ne ma ya yi mana katin bikin ƙanwata. An buga kwalaye dubu masu sheƙi, amma suna ɓallewa ta gefen da aka manna, lambar NAFDAC kuma ta hau kan layin ninki. Mai ɗab'i ya ce laifin dayilayin ne, wato zanen layukan yanka da ninkin kwalin. Yaya zan yi?

Wani mai aikin kwali: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ki faɗi girman sabulun ba, ba ki kuma faɗi faɗin leɓen da ake shafa wa gam ba. Kafin ki amsa, ki ɗauki kwali ɗaya ki ɓalle mannin da hannu. Idan takardar ta yage, farin cikinta ya biyo gam ɗin, to mannin ya kama. Idan kuwa ya rabu sumul yana ƙyalli, an rufe leɓen da ledar laminashin, gam kuma ba ya ratsa leda.

Mai tambaya: Sabulun milimita 90 ne da 60 da 30, leɓen kuma 8. Ya rabu sumul kamar yadda ka ce, amma ni na ce a sa sheƙi ko'ina, domin masu saye suna son kaya mai ɗaukar ido.

Wata mai turaren wuta: 'Yar'uwa, gam ɗinsu ne ba shi da kyau. Ni ma wani mai ɗab'i ya riƙe mini aiki har bayan Sallah, da ya kawo kuma launin ya koɗe, bai ko ba ni haƙuri ba. Ki sauya wuri kawai.

Mai aikin kwali: Ko ta sauya wuri, da wannan zanen sakamakon ɗaya ne. Leɓen gam yana ɓuya ne a cikin kwali, babu mai saye da zai gan shi, saboda haka ana barinsa babu tawada babu leda, sai ɗan launin da zai shigo masa milimita 3 daga layin ninki don kada fari ya leƙo a kusurwa. Milimita 8 kuma ya yi kaɗan. A irin wannan kwali ana ba shi 12 zuwa 15, a ɗan zaftare bakinsa sama da ƙasa don kada ya tokare murfi.

Ga lissafinki. A ƙara wa sabulun milimita 2 a kowane awo don ya shiga ba tare da matsi ba, kwalin ya zama 92 da 62 da 32. Idan aka shimfiɗa shi, leɓe 14 ne, sai fuskoki huɗu a jere, 92 da 32 da 92 da 31.5, jimilla 261.5. Ana rage wa fuskar ƙarshe rabin milimita ne saboda kaurin takarda, in ba haka ba bakinta zai zarce kusurwa bayan an manna.

Batun lambar kuwa, wuƙar yanka ba ta sauka daidai wuri ɗaya a kowace takarda, takan goce da kusan milimita ɗaya. Shi ya sa ake janye duk rubutu aƙalla milimita 3 daga layin yanka da na ninki, launin bango kuma a fitar da shi milimita 3 waje da layin yanka.

Wani ɗalibin zane: Malam, ai abin da ya rage shi ne ya zana layukan da baƙi mai kauri a kan hoton, yanka da layi miƙaƙƙe, ninki da ɗigo-ɗigo, don mai ɗab'i ya gani sosai.

Mai aikin kwali: Bambanta layukan daidai ne, amma idan ya haɗa su da hoton za a buga su a jikin kwali. Su zauna a nasu Layer daban, da keɓaɓɓen launi, a kunna musu Overprint Outline don kada su bar gurbi a hoton da ke ƙarƙashinsu. Ni a ganina ma, Hajiya ta karɓi dayilayin daga wanda zai ƙera wuƙar, yaron ya ɗora zanensa a kai, a yanka samfuri ɗaya a sa sabulu a ciki kafin a buga sauran.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma yaron ya yi ƙoƙari, kuma mai ɗab'i ya ga zanen bai ce komai ba. Sabuwar wuƙa kuɗi ce, ga kwalaye dubu a ɗaki.

Mai turaren wuta: Ki sa salatif mai fuska biyu ki wuce wurin.

Mai aikin kwali: Zai iya riƙewa na ɗan lokaci, amma a leɓe mai milimita 8 da zafin shago ba zan yi miki alƙawari ba. Gara a kankare ledar da sanfefa a sake mannawa.

Mai tambaya: Ɗaya bayan ɗaya har dubu? Kuma wa zai biya kuɗin aikin, ni ko mai ɗab'i?