Wane layi zai fita a teburin simplex in babu lambar da ta fi sifili?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗalibi ne ni a Gusau, aikin gida ya tsaya mini tun jiya.

Ana son a ƙara Z = 3x + 2y iyakar yadda zai yiwu, da sharaɗin x − y ≤ 2 da x ≤ 4, x da y ba sa ƙasa da sifili.

Da hanyar simplex nake yi. Na shigar da x, sannan y, na samu x = 4, y = 2, Z = 16. Sai ga s₁, wato slack na sharaɗi na farko, na neman shiga, amma lambobin ginshiƙinsa −1 ne da 0, babu abin rabawa. Da na zana, filin buɗe yake ta sama, y na ta hawa.

Shin Z ɗin ce ba ta da iyaka? Abokina ya nace wai babu mafita, alhali (0,0) ma ta cika sharuɗɗan. Wa ke da gaskiya?